Daga Kwalbati Zuwa Tsamiya

Auta ya so ya je ofishin ƙungiyar manoma shi kaɗai, amma Baba ya riga shi sa hula. Kafin ya gama hura tayar babur, tsohon ya fito ƙofar gida cikin wankakkiyar rigarsa, yana lalube da sanda, fuskarsa a sama kamar yadda ta zama tun da idanunsa suka rufe.

"Baba, ka yi zamanka mana. Layi ne kawai za a yi ta bi cikin rana."

"Gonar sunan wa take?"

"Naka."

"To ɗora ni."

Auta ya ɗora shi. Ya ba shekara arba'in baya, furfura ta fara yi masa sallama a haɓa, amma a gidan nan har yanzu Auta ne, wanda ake aika ya ɗebo ruwa. Yayyensa sun watse, kowa ya kama gabansa. Shi ma ya yi shekaru a birni yana dako a kasuwar hatsi, buhu a kafaɗa daga fitowar rana har faɗuwarta, sai da idon Baba ya mutu ya tattaro ya dawo ya karɓi gona. Sai dai noman damina kaɗai ba ya riƙe gida. Duk shekara, da an kai amfani rumbu, sai ya ɗaure jakarsa ya koma dakon har ruwa ya sake sauka. Bayansa kuwa ya gama gajiya. Da safe sai ya dafa bango yake miƙewa, maiɗakinsa tana kallo tana kawar da kai don kada ya ji kunya.

Shi ya sa maganar injin nan ta shiga ransa ta zauna. Ƙungiya ta samo injinan ban-ruwa masu aiki da hasken rana, kowanne da rijiyarsa, za a ba duk wanda gonarsa ta kai hekta ɗaya. In ya samu, zai yi noman rani a ƙofar gida, ya rabu da buhun mutane har abada. In bai samu ba, sai dako.

Akwai kuma abin da yake ɗauke da shi a ciki, wanda ya fi buhu nauyi. Rafin da ke gabas da gonar ya daɗe yana cin gaɓa. Kowace damina sai ya yanki nasa ya tafi da shi, har ya kayar da tsamiyar da ke kan iyaka ya ja ta. Auta bai faɗa wa Baba ba. Da farko ya ce ɗan kaɗan ne, me zai tayar wa makaho da hankali a kai. Daga baya abin ya yi girman da bakinsa ba zai iya ɗauka ba. Ya taɓa jera buhunan yashi a bakin gaɓar, ruwan farko ya kwashe su kamar an aiko shi. Tun daga nan ko auna wurin bai yi ba, don wanda ba ya son amsa ba ya tambaya. Duk lokacin da Baba ya ce, "Tsamiyar nan ta yi 'ya'ya bana?" sai ya ce, "Ta yi, Baba," ya tashi ya nemi abin yi a bayan gida.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da baranda. Fankar sama ta daɗe da yin ritaya, buhunan taki jibge a kusurwa suna ba da warinsu, manoma jere a benci kowa yana fifita da hularsa. A bayan teburi malamar gona ce, mace mai matsakaicin shekaru, tabarau a kan hanci, biro a bayan kunne. Gabanta manyan hotuna ne da ƙaramin jirgi maras matuƙi ya ɗauko daga sama bayan ɗaukewar ruwa, gonaki kwance a ciki kamar facin tsohon zane. Motar ƙungiya ba ta da lafiya, ba wanda zai bi gona ɗari biyu da tef, shi ya sa aka ce kowa ya zo da tsawon iyaka ɗaya da ya tabbatar da shi, sauran hoto zai faɗa.

Sun yi zaman layi har inuwar baranda ta gudu ta bar su. Maƙwabcinsu na gona, wanda ake ce wa Mai Tumatir, ya fito yana washe baki, ya durƙusa ya gaida Baba.

"An wuce, Baba! Da ƙyar, amma an wuce."

"Kai da gonarka kamar tabarmar yaro ka wuce, ina ga tamu," in ji Baba. Mutanen benci suka yi dariya, Auta kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Lissafin da ya kwana yana yi a zuci mai sauƙi ne. Gonar a da hekta ɗaya ce da 'yan kai. In Baba ya faɗi tsohon awon, ai tsohon girman za a samu, a rubuta, a wuce, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Bai ɗauke shi ƙarya ba, tunda ba shi zai faɗa ba, kuma Baba gaskiyarsa zai faɗa. Haka mutum kan shirya wa kansa shimfiɗa in ya gaji.

Da layi ya zo kansu, ya zaunar da Baba a kujera, shi ya tsaya a gefe. Malamar ta jawo hoton yankinsu, ta danne gefensa da kofin shayin da ya huce tun safe.

"Sannu da zuwa, Baba. Wace ce taku?"

Auta ya ɗora yatsa. Ga titi kamar baƙin zare, ga farin ɗigon kwalbati a kusurwar yamma, ga gonar shimfiɗe, ga rafin kuma a gabas, baki buɗe. Bai taɓa ganinsa daga sama ba.

"Yadda abin yake, Baba," in ji malamar, da muryar wadda ta faɗi magana ɗaya sau hamsin a yini, "hoto ba ya faɗin mita. Za ka ba ni tsawon gefe ɗaya da ka sani, in auna shi da rula a hoton, in ga santimita ɗaya mita nawa take wakilta. Da wannan zan auna ɗaya gefen, in ninka, in fitar da girman gonar. Wane gefe ka sani?"

Baba ya gyara zama. Wannan tambayar ce ta fito da shi daga gida.

"Gefen titi, 'yata. Mita ɗari da hamsin cif. Shekarar da aka zuba kwalta masu titi suka ja tef, ni na riƙe musu bakinsa da hannun nan. Daga kwalbati zuwa gindin tsamiya. Ba ɗari da arba'in da tara ba."

"Madalla. Da kowa haka yake zuwa da nasa, da tuni na tafi gida."

Ta ɗora rula daga kwalbati zuwa inda gonar ta ƙare. "Santimita shida." Ta auna ta baya ma, saboda bakin gabas ba a miƙe yake ba, ta ga kusan ɗaya ne. Ta danna kalkuleta. "Ɗari da hamsin raba shida, ashirin da biyar. Kowace santimita mita ashirin da biyar ke nan." Ta juya rular, ta auna daga titi zuwa ƙarshen gonar ta baya. "Huɗu. Huɗu sau ashirin da biyar, mita ɗari. Ɗari da hamsin sau ɗari, dubu goma sha biyar. Hekta ɗaya dubu goma ce, saboda haka hekta ɗaya da rabi."

Auta ya ji lambar ta yi masa yawa a kunne, amma ya ja bakinsa ya yi shiru. Baba kuwa dariya ya yi har da buga sanda.

"Ikon Allah! Ashe tun da na daina ganinta ƙiba ta yi? Auta, me kake ba ta?"

Malamar ta ɗora biro a takarda za ta rubuta, sai hannunta ya tsaya. Ta ɗaga tabarau, ta murza ido, ta sake duban hoton. Auta ya ga gajiyar da ke fuskarta, ya yi fata a ransa gajiyar ta fi ƙarfinta. Ba ta fi ba.

"Baba, ka yi haƙuri, lissafin bai zauna ba."

"Ina ya karkace?"

"Iyakarku ta yamma, wadda ta tashi daga titi ta yi baya, ita ce kuka haɗa da Mai Tumatir, ko?"

"Ita ce."

"To ita ya kawo mini ɗazu. Jiya ya ja ta da tef, mita tamanin. A hoton nan santimita huɗu ce, wato kowace santimita mita ashirin. Mutum biyu da na yi wa a kan hoton nan kafin shi, su ma ashirin ɗin na samu. Yanzu naku ya ba ni ashirin da biyar, ya mai da iyakar nan mita ɗari. Iyaka ɗaya ba ta zama tamanin da hantsi ta koma ɗari da azahar."

"Tamanin ɗin ce daidai," in ji Baba. Dariyar ta bar fuskarsa. "To me kike nufi? Ɗari da hamsin ɗina ne ƙarya?"

"Ban ce ba, Baba. Amma in aka ba ni awon da ya fi na ƙasa, kuskuren ba gefe ɗaya yake tsayawa ba. Tsawo zai kumbura, faɗi ma ya kumbura, in an ninka su sai gona ta ƙaru da fiye da rabinta. Shi ya sa ta yi ƙibar nan."

A nan ne Auta ya gane ramin da ya gina wa kansa. Shi a zatonsa tsohon awo zai mai da abin da ruwa ya ci ne kawai. Bai san zai bi gonar duka ya hura ta har ta fito fili kowa ya gani ba. Ya ɗaga ido ya dubi malamar, ya girgiza mata kai a hankali, ya nuna Baba da haɓa. Ta dube shi, ta dubi bakin rafin a hoto, ta dubi idanun tsohon. Ta gane. Ta ajiye biro, tana neman ta inda za ta bi.

Baba bai ba ta lokaci ba. Ran tsoho ya ɓaci, kuma ba abin da ke ɓata masa rai kamar a taɓa abin da ya sani.

"'Yata, ni makaho ne, amma ban ruɗe ba. Ki ɗora abin awonki a kwalbati, ki kai shi gindin tsamiya. Babba ce, ko daga wata aka ɗauko hoton za a gan ta. Ki faɗa mini nawa."

Na kusa da ƙofa suka daina fifita. Yawancinsu sun san tsamiyar ta tafi, kowa ya ɗauka ba nasa ba ne ya faɗa.

"Ki auna mana," in ji Baba.

"Ɗari da hamsin a hoton nan santimita bakwai da rabi ce," in ji ta a hankali. Ta ɗora rular duk da haka. Bakwai da rabi ta sauka a tsakiyar farin yashin rafi. "Baba, babu itace a wurin."

"Kamar yaya babu?"

Malamar ta ɗago ta dubi Auta. Wannan amsar ba aikinta ba ce, kuma Auta ya san haka. Ya durƙusa kusa da kujerar, gwiwoyinsa suna ƙara.

"Baba, rafi ya ci ta."

"Ya ci tsamiya?"

"Da ita da abin da ke bayanta."

Baba ya jawo sandarsa gabansa. Ya ɗora hannu biyu a kan sanda, ya ɗora haɓa a kan hannun. Auta ya gwammace a zage shi a gaban mutane da wannan shirun.

Malamar ta sake lissafi, murya ƙasa ƙasa, kamar mai karanta sakamakon asibiti. Shida sau ashirin, mita ɗari da ashirin. Sau tamanin, dubu tara da ɗari shida. Ta sake auna bakin gabas a wuri uku ko za ta tsinci wani abu, ba ta tsinta ba.

"Saura ɗari huɗu ta cika hekta," in ji ta. "Wato da gefen titi ya ƙara mita biyar, da kun wuce."

"Malama, mita biyar fa," in ji Auta. Muryarsa ta fito siririya, shi kansa ya ji kunyarta. "Ba za a iya..."

"Da iya ni ce, wallahi da na rufe ido. Amma masu haƙa rijiya za su zo da na'urarsu su zagaya kowace gona kafin su sauke kaya. In ta gaza, za su juya mota, su cire ku daga ƙungiya, ni ma a tambaye ni inda na samo lambar. An ce za a kawo ƙananan injina na ƙananan gonaki nan gaba. Zan sa ku a sama."

Kowa a ɗakin ya san ma'anar "nan gaba". Ita ma ta sani, shi ya sa ba ta ɗago kai ba da ta faɗa.

Baba ya miƙe. "Na gode, 'yata. Allah ya yi miki albarka, kin yi aikinki." Ya miƙa hannu, Auta ya kama, suka ratsa benci mutane suna janye ƙafafu.

Suka hau babur suka kama hanya. Sai da suka zo mararrabar gida Baba ya taɓa kafaɗarsa.

"Wuce. Kai ni gona."

Ya tsayar da babur a kwalbati. Baba ya sauka, ya shafa simintin da tafin hannu kamar mai gaida tsohon aboki, sannan ya dafa kafaɗar Auta suka bi gefen titi. Kara a tsaye, busasshe, yana kaɗawa. Ƙafafun tsohon sun san hanyar fiye da idon kowa, har yana jan Auta gaba. Yana cikin tafiyarsa ta mai sauran nisa Auta ya riƙe shi gam.

"Tsaya, Baba. Nan ne."

"Nan?"

Ya miƙa sanda gaba, ya sauke ta. Ba ta taɓa komai ba. Ya ƙara miƙawa, ya kaɗa ta hagu da dama cikin iska, sannan ya janyo ta ya tsaya a kanta. Wata 'yar ƙasa ta zube daga bakin gaɓar, suka ji saukarta can ƙasa.

"Tun yaushe?"

"Tun damina ta biyu da dawowata."

"Daminar nan da ta wuce, nawa ya ci?"

Auta ya dubi inda ya shuka layin ƙarshe bara, wanda yanzu iska ce a wurin. Ya so ya rage, sai ya ga ragin ya isa haka.

"Zai yi faɗin ɗaki biyu."

"Ya fi mita biyar ke nan."

"Ya fi."

Baba ya gyaɗa kai. Ya juya fuskarsa sama da rafin, inda ruwa ke karyo kwana kafin ya iso gonar.

"Ka yi wani abu a kai?"

"Na jera buhunan yashi a nan bakin. Ruwa ya kwashe."

"Dole ya kwashe. Ba a tare shi a inda yake ci, can sama ake tararsa, a kwanar, a jera dutse a karkace ya juya masa kai, a dasa ciyawar jema a bayan dutsen. Kana tsammani rafin nan jiya ya fara jin yunwa? Tun kafin a haife ka nake fama da shi. Duk bazara, kuna birni, ni da jaki muna can muna jera dutse. Shi ya sa ka taso ka ga tsamiya a tsaye."

Auta ya juya ya dubi kwanar. Bai taɓa sanin wannan ba. Ya taso ya ga iyaka a inda take, ya ɗauka haka Allah ya ajiye ta.

"Na ji tsoron in tayar maka da hankali ne, Baba. Na ga abin da kake ciki ya ishe ka."

"Na sani. Tausayi ne." Muryar tsohon ba faɗa a cikinta, gajiya ce zalla, irin ta wanda ya yi tafiya ya tarar an rufe ƙofa. "Amma Auta, idona ne ya mutu, ba ni ba. Da ka tambaye ni."

Suka tsaya a wurin. Wata mota ta wuce a titi, ƙararta ta yi nisa ta ɓace. Auta ya share fuska da hannun riga, ya gode Allah da ba a ganinsa, sannan ya tuna Baba yana jin numfashinsa.

"Yaushe za ka koma dakon?" in ji Baba.

"Da an gama sussuka."

"To kafin ka tafi, ka tara mini duwatsu a kwanar can, manya, masu faɗi. Ka ce wa matarka ta riƙa kawo ni da safe ta zaunar da ni. Jera dutse ba ya neman ido, hannu yake so. In ba haka ba, ranar da za su kawo ƙananan injinan nasu, kwalbati kaɗai za su tarar."

"To, Baba."

"Akwai wasu a gefen titi, na ji su da ƙafa muna tahowa. Fara da su."

Auta ya zaunar da shi nesa da bakin gaɓar, ya koma gefen titi. Ya sami wani babba rabi a binne, ya tone gefensa da hannu, ya sunkuya ya rungume shi. Bayansa ya amsa tun daga ƙugu har wuya, yadda yake yi a ƙarƙashin buhu. Ya cije leɓe, ya ɗaga shi zuwa kafaɗa, ya nufi kwanar rafin.